Yadda Ake Karanta Alƙaluman Shafi Don Gane Rubutun Ƙasan Hoto Mai Jawo Ciniki, da Yadda Ake Gwada Rubutu Biyu Bisa Adalci

Mai sayar da atamfa da leshi a Instagram ko Facebook takan sari kaya a Kantin Kwari, ta ɗauki hoto, ta rubuta 'yan layuka a ƙarƙashinsa, ta wallafa, sannan ta zauna tana duba wayarta. Idan hoton ya samu karɓuwa, sai ta ce salon rubutun da ta yi ne ya yi aiki, ta ci gaba da maimaita shi. Idan bai samu ba, sai ta watsar da salon. Sau da yawa hukuncin nan ba ya kan daidai, domin abin da ya ɗaga wallafar ko ya kayar da ita yana iya zama launin atamfar, ko lokacin da aka wallafa, ko kuma kawai manhajar ce ta nuna ta ga mutane da yawa a ranar. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar raba tasirin rubutun da tasirin waɗannan abubuwa. Zan bi misalin wannan mai atamfa daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman da ke cikin misalin na tsara su ne domin lissafin ya fito fili, amma hanyar lissafin ita ce za a yi amfani da ita a kan kowane shafi na gaske.

Mataki na farko: a tsayar da abu ɗaya da ake so rubutun ya jawo

Kafin a buɗe alƙaluma, dole ne a amsa tambaya ɗaya a rubuce: mene ne ake so wanda ya karanta rubutun ya yi? Dalilin sa wannan a gaba shi ne kowace wallafa tana zuwa da lambobi bakwai ko takwas, kuma wanda bai zaɓi ɗaya tun farko ba zai riƙa ɗaukar wadda ta faranta masa rai bayan ya ga sakamako.

Ba dukkan lambobin ba ne ke magana a kan rubutu. Danna alamar so, wato Likes, galibi martani ne ga hoto, domin mutum yana dannawa yana wucewa kafin idonsa ya sauka ƙasa. Lambobin da suka fi kusa da rubutu su ne waɗanda sai an karanta ake yin su: Saves, wato waɗanda suka ajiye wallafar domin su dawo gare ta, Shares, waɗanda suka tura wa wani, sharhin da aka rubuta, Profile visits, waɗanda suka shiga shafin su ga sauran kaya, sai kuma saƙon da aka turo kai tsaye. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya faɗa a farkon 2025 cewa tsawon lokacin kallo, da danna so, da tura wa wani su ne manyan alamu uku da manhajar ke dubawa wajen yaɗa wallafa. Wannan yana da amfani ga wanda burinsa shi ne a ƙara ganinsa. Amma mai atamfa ba gani kawai take nema ba, ciniki take nema, saboda haka ma'auninta shi ne saƙon mai niyyar saye.

Wannan ma sai an fayyace shi. Wadda ta rubuto "nawa?" ta yi shiru ba ɗaya take da wadda ta tambayi lambar asusu, ko kuɗin aikawa zuwa Gombe, ko ta ce a ajiye mata turmi biyu ba. Na ga shafuka da dama suna ɓoye farashi da gangan, sharhi ya cika da tambayar kuɗi, mai shafin ya ɗauka salon yana aiki, alhali mafi yawan masu tambayar suna ɓacewa da zarar sun ji farashin. Don haka a rubuta ƙa'idar tun farko: saƙon da za a ƙirga shi ne wanda ya wuce tambayar farashi zuwa maganar biya, ko aikawa, ko ajiye kaya.

Mataki na biyu: a fito da alƙaluman, a raba su da yawan waɗanda suka gani

A Instagram, sai shafi ya kasance irin na sana'a, wato Professional account, kafin ya nuna alƙaluma, kuma mayar da shi haka kyauta ne a cikin saitin manhajar. Bayan an yi haka, a ƙarƙashin kowace wallafa akwai wurin da aka rubuta View insights. A Facebook kuwa, ana samun irin wannan bayani a Meta Business Suite ko a Professional dashboard. Lambobi biyu ne ke rikita mutane a nan. Views yana ƙirga sau nawa aka kalli wallafar, ko da mutum ɗaya ne ya kalla sau uku. Reach, ko Accounts reached, yana ƙirga shafukan mutane daban-daban da wallafar ta isa gare su. Da yake muna son sanin mutum nawa cikin waɗanda suka gani ne suka motsa, da Reach za mu yi lissafi.

A samu littafi, ko a buɗe Google Sheets, a shigar da wallafa talatin na baya-bayan nan, kowace a layinta. A rubuta rana da lokaci, da irin kayan da ke hoton, da layin farko na rubutun kamar yadda yake, da Reach, da Saves, da Shares, da yawan sharhi, da yawan saƙon masu niyyar saye idan ana iya gano su. Game da sharhi, a ƙirga da hannu, a cire amsoshin mai shafi, a kuma ware addu'o'i irin su "Allah ya sanya albarka" daban. Addu'ar abin godiya ce, amma ba ta nuna ko rubutun ya isar da saƙonsa.

Daga nan sai a mayar da kowace lamba zuwa "cikin mutum dubu". Lissafin shi ne:

```
ma'auni = (yawan abin da aka ƙirga ÷ Reach) × 1000
```

Ga abin da wannan ke tonowa. Mai atamfa tana da wallafa biyu. Ta farko ta isa ga mutum 4,200, ta samu danna so 310, an ajiye ta sau 21, ta jawo saƙon saye 6. Ta biyu ta isa ga mutum 1,500 kacal, danna so 95, ajiyewa 24, saƙon saye 9. Duk wanda ya kalli fuskar shafin zai ce ta farko ce ta yi nasara. Amma cikin kowane mutum dubu, ta farko ta samu ajiyewa 5 da saƙo bai kai 2 ba, ta biyu kuwa ta samu ajiyewa 16 da saƙo 6. A danna so ne kaɗai ta farko ta fi, 74 a kan 63, kuma mun riga mun ce wannan ya fi nuna kyan hoto.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma yana da kyau a tsaya a kansa. Insights yana nuna kashi nawa na kallon ya fito daga mabiyan shafi, kashi nawa daga waɗanda ba mabiya ba. Idan manhajar ta ɗauki wallafa ta kai ta ga baƙi, Reach yana tashi, amma ma'aunin cikin dubu yana sauka, domin baƙon da bai san mai shafi ba ba ya saurin tura saƙo kamar wadda ta taɓa saye ta ga kayan sun zo lafiya. Idan aka duba aka ga kashi 70 cikin ɗari na masu kallon wallafa ta farko baƙi ne, ta biyu kuwa kusan duka mabiya ne, to ba za a ɗora wa rubutun farko laifi ba tukuna. A ƙara gurbi ɗaya a littafin don wannan kason, kuma a riƙa kwatanta wallafar da kason baƙinsu ya yi kusa da juna.

Mataki na uku: a karkasa tsofaffin rubuce-rubuce gida-gida

Yanzu a karanta layin farko na kowane rubutu, a ba shi suna. Layin farko ne abin dubawa saboda Instagram yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu, wajen haruffa 125 ko ƙasa da haka, sauran kuma sai wanda ya danna more zai gani. Ana iya rubuta haruffa har 2,200, amma yawancin masu wucewa abin da ke sama kaɗai suke karantawa. Gidajen kada su wuce uku ko huɗu: wanda ya fara da farashi, wanda ya fara da siffanta kaya, wanda ya fara da tambaya, da wanda ya fara da gaisuwa ko sallama. Idan aka yi gida goma daga wallafa talatin, kowane gida zai tashi da uku, kuma uku ba su isa a ce komai ba.

A kowane gida, a jera ma'aunan daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki lambar da ta faɗo a tsakiya, maimakon a tara a raba. Ga dalili. A ce rubutu biyar masu farawa da siffanta kaya sun samu ajiyewa 6, 7, 8, 9 da 40 cikin dubu. Masu farawa da farashi kuma sun samu 10, 11, 12, 12 da 15. Idan aka tara aka raba biyar, gidan farko zai tashi da 14, na biyu da 12, sai a ce siffantawa ta fi. Amma lambar tsakiya ta gidan farko 8 ce, ta na biyu 12. Wallafa ɗaya tak mai 40, wataƙila wani leshi ne da ake yayi a makon, ita ce ta ja sauran huɗun sama. A Google Sheets ana samun lambar tsakiya da `=MEDIAN(B2:B6)`.

Abin da wannan mataki ke bayarwa zato ne, ba hujja ba. Tsofaffin wallafar ba a yi su don gwaji ba. Mai yiwuwa ne mai atamfa tana sa farashi a sama ne kawai idan kayan masu araha ne, tana kuma doguwar siffantawa idan masu tsada ne, ta yadda abin da aka auna a zahiri shi ne bambancin farashi. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin shi ne mataki na gaba.

Mataki na huɗu: a rubuta rubutu biyu da abu ɗaya kaɗai ya bambanta su

Zaton da mai atamfa ta fito da shi shi ne: sa farashi a layin farko yana jawo masu saye fiye da sa shi a ƙarshe. Sai ta rubuta siga biyu. Sigar A tana cewa:

"Atamfa yadi 6, naira 18,000. Ruwan goro ce mai zanen ganye, ba ta zuba, tana kama guga. Muna aikawa daga Kano. A turo saƙo da Lamba 14."

Sigar B kuma, wadda za ta hau hoton wata atamfa mai kama da ta farko, tana cewa:

"Shuɗiya ce mai zanen ganye, ba ta zuba, tana kama guga. Muna aikawa daga Kano. Atamfa yadi 6, naira 18,000. A turo saƙo da Lamba 15."

Jimlolin iri ɗaya ne, tsawonsu ɗaya, farashi yana cikin duka biyun, wurin zamansa ne kawai ya sauya. Da a ce sigar B ta fi tsawo, ta zo da Turanci gauraye, ta kuma ƙare da tambaya, to ko ta ci ko ta faɗi ba za a san wanne daga cikin ukun ne dalili ba. Haka nan alamomin da ake sa wa `#` a gaba, da wurin da aka ce an ɗauki hoton, duka su zama ɗaya.

Lambar da ke ƙarshen rubutun ita ce ke ba da damar sanin daga wace wallafa saƙo ya fito. A Instagram adireshin da aka sa cikin rubutun ƙasan hoto ba ya dannuwa, don haka lambar kaya ce mafita. A Facebook yana dannuwa, kuma ana iya sa adireshin WhatsApp da zai buɗe da rubutu a shirye, a rubuta lambar wayar da 234 a gaba, ba tare da 0 na farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Lamba14
```

Wadda ta turo saƙo babu lamba, a tambaye ta wace atamfa ta gani. Idan ba a iya ganowa ba, kada a ba kowace siga saƙon.

Mataki na biyar: a tsara gwajin bibbiyu

Wannan ne wurin da adalci ke tabbata ko ya lalace. A wallafar yau da kullum ba za a iya raba mabiya gida biyu a nuna wa kowane gida sigarsa ba. Idan kuma aka sa hoto ɗaya sau biyu, wanda ya zo na biyu zai tarar mutane sun riga sun gan shi, masu saye na farko sun saya. Mafita ita ce a haɗa kaya bibbiyu masu kama da juna: kamfani ɗaya, farashi ɗaya, zane kusan ɗaya, launi ne kawai ya bambanta, a kuma ɗauki hotunan a rana ɗaya, a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya. Mai atamfa ta haɗa irin waɗannan tagwaye takwas, wato hotuna 16.

A kowane tagwaye, ba ita za ta zaɓi hoton da zai ɗauki sigar A ba. Ta jefa kwabo, ko ta rubuta A da B a takarda ta naɗe ta sa yaro ya ɗauka. Wannan ba wasa ba ne. Wanda ya riga ya fi son wata siga, hannunsa zai kai ta kan hoton da ya fi kyau ba tare da ya lura ba.

Sai tsarin ranaku. Ta ware mako huɗu, tagwaye biyu kowane mako: Litinin da Talata, sai Laraba da Alhamis, kullum da ƙarfe 8:30 na dare bayan sallar Isha'i. A makon farko A ce ke fita Litinin da Laraba, B kuma Talata da Alhamis. A mako na biyu sai a juya, B ta riga fita. Mako na uku kamar na farko, na huɗu kamar na biyu. Da haka kowace siga ta samu kowace rana sau biyu, kuma idan Litinin ta fi Talata kasuwa, duka biyun sun ci moriyarta daidai. An bar Juma'a da ƙarshen mako ne saboda yanayin mutane ya bambanta a ranakun. Mako huɗu kuma yana ratsa wata guda, ya haɗa da kwanakin da albashi ya shiga da kwanakin da aljihu ya bushe. Kada a fara gwaji mako biyu kafin salla a ƙarasa shi bayan salla, domin kasuwar atamfa a waɗannan makonni ba ɗaya ba ce, kuma cikin azumi lokutan da mutane ke riƙe waya ma suna sauyawa.

Bayan wallafa, abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗayar. Idan an sa sigar A a Stories ko a Status na WhatsApp, a sa B a daidai wannan lokaci nata, ko kuma a bar duka biyun. Kada a biya wa ɗaya kuɗin talla. Kada a gyara rubutu bayan ya fita. A amsa sharhi da saƙo da sauri iri ɗaya. Sannan a karanta alƙaluman kowace wallafa a shekaru ɗaya, wato bayan awa 72 cif, a ɗauki hoton allon a ajiye. Idan aka jira ƙarshen mako aka karanta duka lokaci guda, ta Litinin ta samu kwana ɗaya fiye da ta Talata.

Akwai lokacin da tagwaye ke lalacewa. Idan wani babban shafi ya tura ɗaya daga cikinsu, ko layin sadarwa ya ɗauke a daren, ko wani babban labari ya janye hankalin jama'a, ko kayan da ke ɗaya hoton suka ƙare cikin awa biyu aka sanar, a soke tagwayen gaba ɗaya a sake wasu. Alamar da ke nuna haka ita ce Reach na ɗaya ya ninka na ɗayar, ko kason baƙi ya yi nisa da juna. A rubuta wannan ƙa'ida kafin a fara, domin kada a riƙa soke tagwayen da sakamakonsu bai yi daɗi ba kawai.

Mataki na shida: a karanta sakamakon ba tare da gaggawa ba

Bayan mako biyu, mai atamfa ta ga sigar A ta jawo saƙon saye 28, B ta jawo 21. Zuciya za ta ce a tsaya nan, A ta ci. Amma ƙananan lambobi suna hawa da sauka da kansu ko da babu wani bambanci na gaske. Akwai ma'aunin gaggawa da ake amfani da shi idan Reach na ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna:

```
tazarar da ake bukata = 2 × √(A + B)
```

Alamar √ tana nan a kalkuletar kowace waya. A nan 28 da 21 sun ba da 49, tushensa 7, sau biyu 14. Tazarar da ke tsakaninsu 7 ce kacal, rabin abin da ake bukata. Saboda haka ba a san komai ba tukuna, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake tsayar da tsawon gwaji tun farko, ba a dakatar da shi a ranar da sigar da ake so take gaba.

A ƙarshen mako huɗu, wallafar A takwas sun isa ga jimillar 12,400, sun jawo saƙo 61. Na B sun isa ga 12,900, sun jawo 37. Cikin dubu, A tana da 4.9, B tana da 2.9. Jimillar saƙon 98 ce, tushenta ya kusa 9.9, sau biyu ya kusa 20, tazarar kuwa 24 ce. Yanzu ta wuce.

Amma wannan lissafi yana ɗauka cewa hotunan daidai suke, alhali launi ɗaya yana iya fin wani farin jini. Don haka a ƙara dubawa ta biyu: a cikin tagwaye takwas, sau nawa A ta fi B a ma'aunin cikin dubu? Idan da babu bambanci tsakanin sigogin, abin zai zama kamar jefa kwabo sau takwas. Samun 6 ko fiye cikin 8 ta hanyar sa'a kaɗai yana faruwa kusan sau ɗaya cikin bakwai, don haka bai isa hujja ba. Samun 7 ko fiye kuwa bai kai sau 4 cikin ɗari ba. A misalinmu A ta ci 7 cikin 8, kuma dubawar biyu sun yi daidai da juna. Da a ce jimillar ta nuna A ce gaba amma tagwaye huɗu kaɗai ta ci, to wallafa ɗaya ko biyu ne suka ɗaga ta, sai a duba su da kyau kafin a yanke hukunci.

Ya kamata a faɗi iyakar abin da aka gano. Lokacin da mai atamfa ta ƙirga waɗanda suka biya kuɗi har kaya suka fita, A tana da 19, B tana da 15. Tazarar 4 ce, abin da ake bukata ya kusa 12. Gwajin ya nuna farashi a layin farko yana jawo ƙarin masu maganar saye, amma bai isa ya nuna ya ƙara yawan kayan da aka sayar ba, wannan sai an ci gaba da ƙirgawa na wasu watanni. Haka kuma B ta ɗan fi a ajiyewa, 152 a kan 140, tazarar da ba ta kai komai ba, kuma ko da ta kai, ba shi ne ma'aunin da aka zaɓa a mataki na farko ba. Sakamakon kuma ya shafi atamfar naira 18,000 ne a wannan shafi. Leshin da ya ninka wannan kuɗi sau biyar yana iya bukatar a fara da siffanta shi, kuma wannan gwaji ne na daban.

Idan akwai kuɗin talla

Wanda ke biyan talla yana da hanyar da ta fi wannan tsafta. A Meta Ads Manager akwai A/B test, wanda ke raba masu kallo gida biyu ta yadda wanda ya ga sigar A ba zai ga B ba, a lokaci guda kuma da hoto ɗaya. Wannan ya kawar da matsalar launi da ta rana gaba ɗaya. A ba kowace siga kuɗi daidai, a bar gwajin aƙalla kwana bakwai kamar yadda kamfanin ke ba da shawara. Abin da ba gwaji ba ne shi ne a zuba talla biyu a cikin Ad set ɗaya, wato rukunin talla guda, a zuba musu ido, domin tsarin zai lura da wadda ta fara motsi a awannin farko ya karkatar da yawancin kuɗin gare ta, ɗayar ba za ta samu damar da za a auna ta da ita ba. A kuma tuna cewa masu ganin talla galibi baƙi ne, don haka rubutun da ya ci a wurinsu sai an sake gwada shi a kan mabiya kafin a mayar da shi salon shafi.

Bayan gwajin farko ya kammala, mai atamfa ta mayar da sigar A ta zama tushe, ta rubuta a littafinta ranar da aka yi gwajin, da kayan da aka gwada da su, da lambobin da suka fito. Gwaji na gaba zai riƙe farashi a layin farko a duka sigogin biyu, ya sauya abu ɗaya sabo, misali jimlar ƙarshe: "A turo saƙo da Lamba 14" a gefe guda, "Turmi 5 suka rage, a turo saƙo da Lamba 14" a ɗaya gefen, da sharaɗin cewa turmi biyar ɗin ne suka rage da gaske. Bayan wata uku ko huɗu kuma ta sake maimaita gwajin farko da sababbin tagwaye, domin wani lokaci mabiya suna amsa wa sabon salo ne saboda sabuntarsa, kuma tazarar tana raguwa idan ido ya saba da shi.